Shiga kashi-kashi da cin riba kashi-kashi a cinikin zinare: yaya ake raba lot?

Nazifi: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya a kan XAUUSD, wato cinikin zinare da dala, a manhajar MT5. Kullum ana cewa kada a shiga da lot duka a farashi ɗaya, kuma kada a jira TP ɗaya, wato farashin da aka sa don rufewa da riba, a riƙa cin riba kaɗan-kaɗan. To ni asusuna dala 300 ne. Nakan buɗe 0.03, in farashi ya sauka in ƙara 0.03, in ya sake sauka in ƙara wata. Idan ya dawo sama sai in rufe duka da ribar dala biyar ko shida, idan kuma bai dawo ba asarar takan yi muni. Wannan shi ne shiga kashi-kashin da ake faɗa, ko akwai inda na kauce?

Malam Hadi: Wa alaikumus salam Nazifi. Ka kauce, kuma tun daga tushe. Abin da kake yi ƙari ne a kan asara. Mai shiga kashi-kashi ya riga ya san adadin lot ɗinsa gaba ɗaya da inda SL, wato farashin tsayar da asara, zai zauna kafin ya taɓa waya, sannan ya raba wannan adadin. Kai kuwa kowace shiga sabuwar shawara ce da ka yanke bayan farashi ya riga ya cije ka.

A zinare, a wurin yawancin dillalai, lot 1 oza 100 ne, saboda haka 0.01 oza ɗaya ce. Farashi ya motsa dala ɗaya, 0.01 ta ci ko ta faɗi dala ɗaya. To 0.03 ɗinka ta farko kaɗai, idan SL yana nesa da dala 15, ka sa dala 45 a kasada, wato kashi 15 cikin ɗari na asusunka. Ka ƙara sau biyu ka zama 0.09, kowace dala da farashi ya sauka dala tara ce ke fita daga aljihunka. Zinare kuwa yakan yi tafiyar dala 20 ko 30 a yini ɗaya ba tare da wani babban labari ba.

Nazifi: Na ji, Malam. To yaya na daidai yake? Don Allah da lambobi, don na fi ganewa haka.

Malam Hadi: Bari mu ɗauki asusun dala 3,000, mai shi ya yarda ya yi asarar dala 45 a ciniki ɗaya, kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ke nan. Farashin da zan ambata misali ne kawai. Ya duba jadawali ya ga tsakanin 2,410 da 2,400 wuri ne da farashi ya saba tsayawa ya juya sama, amma bai san ko a bakin wurin zai juya ko sai ya nutsa ƙasa ba. Ya kuma yanke cewa idan aka kai 2,390 hasashensa ya rushe, can SL zai zauna.

Sai ya ajiye Buy Limit uku, wato odar saye da ke jiran farashi ya sauko, kowace 0.01: ɗaya a 2,410, ɗaya a 2,405, ɗaya a 2,400, dukkansu da SL ɗaya a 2,390. Ta farko kasadarta dala 20, ta biyu 15, ta uku 10. Jimla 45, daidai abin da ya ware. Idan duka uku suka shiga, matsakaicin farashinsa 2,405 ne. Ta huɗu babu ita, ko da farashi ya sauka 2,395 ya yi kamar zai juya.

Fita ma uku ce, kuma an rubuta ta tun kafin a shiga: 0.01 a 2,420, 0.01 a 2,435, ta ƙarshe a 2,450. Daga matsakaicin 2,405, ribar dala 15 ce, da 30, da 45. Jimla 90. Waɗannan wuraren ba daga ka ake ƙirƙiro su ba. Na farko ya zama ƙasa kaɗan da tudu mafi kusa da farashi ya taɓa juyowa daga gare shi, na biyu tudun da ke gaba da shi. Idan tudun farko bai kai nisan SL daga matsakaicinka ba, cinikin bai cancanci shiga ba tun farko.

Ɗan Kwari: Kyawun abin shi ne da zarar an buga TP na farko ka mayar da SL farashin shiga, shi ke nan ciniki ya zama kyauta. Ba asara kuma, duk abin da ya zo riba ce. Ni a ganina wannan ya fi kowace dabara, domin ba ka taɓa barin ciniki mai riba ya koma ja.

Hajiya Rabi: Ɗan Kwari, rabin maganarka gaskiya ce. Wannan cinikin ɗaya ba zai koma ja ba, amma kalmar kyauta ce ban yarda da ita ba. Duba lissafin Malam Hadi. An ci dala 15 a 2,420, farashi ya dawo 2,405 ya fitar da sauran biyu babu ci babu faɗuwa. An tashi da 15. Ranar da aka buge SL kai tsaye kuwa dala 45 ce ta tafi. Ke nan sai ka yi irin wannan cinikin na kyauta sau uku kafin ka biya asara guda. Kuma asarar kullum da cikakken lot take zuwa, ribar nesa kuwa da kashi ɗaya cikin uku ake cin ta. Wanda ya riƙe 0.03 duka har 2,450 dala 135 ya samu, mai rabawa 90. Wannan gibin na 45 shi ne kuɗin da ka biya don samun kwanciyar hankali.

Sannan 2,405 ba wani wuri ne na musamman ga kasuwa ba, kasuwa ba ta san inda ka shiga ba. Farashi yakan dawo ya sake taɓa wurin da ya tashi kafin ya wuce, kuma matsakaicinka yana tsakiyar wurin.

Ɗan Kwari: To Hajiya, idan ba a matsar da SL ba fa? Ai an ci 15, sauran biyun suka faɗi 30, an koma asarar 15. Gara dai nawa.

Hajiya Rabi: Haka ne, asarar 15 maimakon 45. Idan kana so ka bar SL a inda yake kuma ka tashi babu asara, rabi za ka rufe a TP na farko, ba kashi ɗaya cikin uku ba, domin ribar rabin ita ke biyan asarar ɗaya rabin. Amma rabin 0.03 shi ne 0.015, kuma yawancin dillalai ba sa karɓar abin da ya gaza matakin 0.01. Sai dai ka rufe 0.02 ka ci 30, ka bar 0.01 da SL a 2,390. Ko an buge ta ka tashi da 15, kuma ka ba ta sarari ta yi numfashi. Sakamakon mafi muni ɗaya ne da naka, bambancin shi ne ni ina da guda ɗaya mai faɗin wuri, kai kana da biyu a matse.

Malam Hadi: Bari in sa wannan a mizani da ciniki goma na misali, ni na tsara su don a ga yadda lissafin ke juyawa, ba ƙididdigar kasuwa ba ce. A ce huɗu sun buge SL kai tsaye, uku sun kai 2,420 sun dawo, biyu sun kai 2,435 sun dawo, ɗaya ya kai 2,450. Asarar huɗun dala 180 ce ga kowa.

Mai raba uku, wanda ke kai SL 2,405 bayan TP na farko, ya kai shi 2,420 bayan na biyu: ukun farko sun ba shi 45, biyun da suka kai 2,435 kowanne 15 da 30 da 15, wato 60, sun ba shi 120, na ƙarshe 90. Jimla 255, a cire 180, saura 75. Wanda ke rufe komai a 2,420 ya ci 45 sau shida, 270, a cire 180, saura 90. Wanda ke jiran 2,435 da lot duka, yana kai SL farashin shiga bayan an wuce 2,420, ya ci 90 sau uku, shi ma saura 90. Kun ga a wannan jerin mai rabawa shi ne na baya.

Yanzu a canja ciniki ɗaya tak, ɗaya daga cikin masu tsayawa a 2,435 ya zarce 2,450. Mai rabawa ya koma 105, sauran biyun suna nan a 90. Abin nufi, rabawa ba ta ƙara riba da kanta. Tana raba ka da ƙoƙarin sanin gaibu, wato wane tudu ne farashi zai tsaya a kai, tana kuma rage yawan ranakun da za ka tashi hannu rabbana bayan ka ga riba da idonka. Ko ta fi maka, sai littafinka ya faɗa. Ga kowane ciniki ka rubuta iyakar inda farashi ya kai kafin ya juyo, bayan talatin ko hamsin ka yi irin wannan lissafin da lambobinka.

Auwalu Gombe: Ni matsalar da nake gani a wurin shiga take. Ka ajiye uku, farashi ya taɓa 2,410 ya tashi. Ɗaya kawai ta shiga, kuma mafi tsada. Ranar da hasashenka ya yi daidai sosai kana ciki da 0.01, ranar da ya rushe kana ciki da 0.03, domin kafin a kai SL dole a bi ta kan duka ukun. Wannan ai kasuwa ce ke zaɓar maka, ta ba ka ƙarami a mai kyau, babba a marar kyau.

Malam Hadi: Wannan gaskiya ce Auwalu, kuma ita ce babbar illar shiga da Buy Limit a jere. Ba ta da magani cikakke, sai dai ragewa. Wasu suna sa mafi girma a farko, misali 0.02 a 2,410 da 0.01 a 2,400. Kasadar ta zama 40 da 10, wato 50, ta ɗara abin da aka ware, sai a sake auna ta da asusu. Amfanin shi ne ko ta farko kaɗai ta shiga akwai abin rabawa.

Abin da ba a jayayya a kansa guda biyu ne. Na ɗaya, a rubuta tun farko me za a yi idan 0.01 kaɗai ta shiga, tunda ba ta rabuwa. Daga 2,410 zuwa 2,420 dala 10 ce a kan kasadar 20, ba ta biya ba, don haka TP ɗinta ya kamata ya zama 2,435. Na biyu, da zarar farashi ya kai 2,420 a goge sauran Buy Limit ɗin da ba su shiga ba. Idan aka bar su, farashin da ya je sama ya kasa ya rikito shi ne zai cika su, sau da yawa cikin dare, kuma wannan wani ciniki ne dabam da ba a yi hasashensa ba.

Auwalu Gombe: Ni dai na fi yarda da ƙari a kan riba. Ka shiga 0.02 a 2,405 da SL a 2,390, kasada 30. Farashi ya fasa 2,420 ya zauna a sama, ka ƙara 0.01 a nan, ka ja SL na duka zuwa 2,410. Idan aka buge, biyun farko sun ci 10, sabuwar ta faɗi 10, ka tashi a sifili. Idan ya ci gaba kana ciki da 0.03 a cinikin da ya riga ya nuna gaskiyarsa. Sharaɗi shi ne ƙarin ya zama ƙasa da na farko. Wanda ya ƙara 0.04 a 2,420 ya ja matsakaicinsa zuwa 2,415, saukar dala biyar kawai ta share ribar dala 30 da yake kallo.

Hajiya Rabi: Amma Auwalu ka lura, 2,420 ɗin da kake ƙarawa nan ne Malam yake ragewa. Mutum ɗaya ba zai yi duka biyun a farashi ɗaya ba. Naka yana biya a ranar da kasuwa ta miƙe hanya ɗaya, nasa yana biya a ranar da take kai-komo tsakanin tudu da kwari. Kuma ciniki ukun nan na misalin Malam da suka taɓa 2,420 suka dawo, idan ka riga ka ƙara a cikinsu sifili za ka samu.

Auwalu Gombe: Shi ya sa na ce ya zauna a sama, kyandir na awa ɗaya ya rufe a can, ba taɓawa kawai ba. Amma na yarda ba kullum ake gane irin ranar tun da safe ba.

Maman Hanif: Ni ban shiga zinare ba, koyin na kirifto nake saya in ajiye. An ce mini idan ya tashi kashi 50 cikin ɗari in sayar da rabi, na cire uwar kuɗina ke nan. Haka ne?

Malam Hadi: A'a Maman Hanif. Rabi yana mayar da uwar kuɗi ne idan farashi ya ninka. Kin sayi na dala 100, ya tashi kashi 50 ya zama 150, rabi 75 ne. Sai kin sayar da kashi biyu cikin uku kafin ki samu 100 ɗinki, ban da ladan kasuwa. Naki ya fi sauƙin rabawa tunda koyin yana gutsuruwa yadda kike so, sai dai kowace oda tana da mafi ƙarancin kuɗin da ake karɓa.

Injiniya Bashir: Bari in shigo ta ɓangaren na'ura, domin nan ne tsari mai kyau yake lalacewa. Asusun MT5 iri biyu ne, Hedge da Netting, kuma a kwamfuta ana ganin wanne ne a saman taga kusa da lambar asusu. A duba kafin a ajiye oda ko ɗaya.

A Hedge, kowace shiga tana zaman kanta da nata SL da TP. Tsarin Malam yana tafiya kai tsaye: oda uku, SL ɗaya, TP uku daban-daban, kana iya kashe waya. Amma idan ka ajiye Sell Limit a 2,420 da nufin rage abin da ka saya, ba za ta rage komai ba, sabon cinikin sayarwa za ta buɗe a gefe.

A Netting duk shigar da ka yi a XAUUSD tana narkewa ta zama ciniki ɗaya mai matsakaicin farashi, da SL ɗaya da TP ɗaya. Ka sa TP a 2,420, duka 0.03 zai rufe. A nan Sell Limit ta 0.01 a 2,420 da wata a 2,435 su ne ke rage maka, TP kuma ka sa shi a 2,450. Tarkon biyu ne. Idan SL ya fara bugawa, waɗannan Sell Limit suna nan a raye, ranar da farashi ya hau za su buɗe maka sayarwar da babu SL a kanta. Na biyu, SL da TP na odar da ta shiga daga baya su ne ke maye gurbin na da. Ka ƙara 0.01 ka bar gurbin SL babu komai, SL na cinikin gaba ɗaya ya goge. Bayan kowane ƙari a leƙa a tabbatar yana nan.

Rufe wani kashi da hannu kuwa, ka buɗe tagar rufewa, ka rage adadin da ke gurbin Volume zuwa 0.01, sannan ka danna. Wanda ya kunna One Click Trading ya danna alamar rufewa a jerin cinikinsa, duka zai tafi ba tare da tambaya ba.

Nazifi: Injiniya, a Hedge wace oda ake ba TP na farko, ta 2,410 ko ta 2,400?

Injiniya Bashir: A kuɗi duk ɗaya ne muddin SL na sauran yana wuri guda. Ka rufe ta 2,410 a 2,420 ka ci 10, sauran suka fita a 2,405 da sifili da 5, jimla 15. Ka rufe ta 2,400 ka ci 20, sauran suka fita da asarar 5 da sifili, jimla 15. Kuskuren shi ne mayar da kowace oda nata farashin shiga, sai ta 2,410 ta zama SL ɗinta na kusa da kasuwa ta riga kowa fita. Don haka na fi son a sallami mai tsadar tukuna.

Sai tazarar saye da sayarwa. Jadawali Bid yake nunawa, wato farashin sayarwa, amma Buy Limit da Ask take shiga, wato farashin saye. Idan tazarar 0.30 ce, kyandir ya taɓa 2,400.00 daidai, Ask yana 2,400.30, odarka ba ta shiga ba. TP na mai saye da Bid yake bugawa, kuma farashi yakan juyo kafin cikakkiyar lamba, gara 2,419.50 da 2,420.00. Trailing Stop na MT5 kuma, mai jan SL yana bin farashi, a kwamfutarka yake aiki, ba a wurin dillali ba. An ɗauke wuta ko data ta yanke, ya daina bi, SL ya tsaya inda ya kai. Kashi na ƙarshe gara a riƙa matsar masa da SL da hannu, ƙarƙashin kowane sabon kwari.

Hajiya Rabi: A ƙara da ranar rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda yawanci ke fita Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 1:30 na rana agogon Najeriya da Nijar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, 2:30 a sauran watanni. A minti ɗaya farashi na iya cika oda ukun ya wuce SL, kuma a rufe ka ƙasa da 2,390, dala 45 ta zama 55 ko fiye. A goge odar jira kafin lokacin. Kashin ƙarshe kuma idan zai kwana akwai kuɗin kwana da ake cirewa, a duba Swap a bayanin XAUUSD, sai dai idan asusun irin wanda ba a cire wannan ne.

Nazifi: Na gode ƙwarai. Amma da dala 300 ɗina ko 0.01 ɗaya da SL na dala 15 kashi biyar ne cikin ɗari. Ke nan ba ni da abin rabawa?

Malam Hadi: A asusun da kake kai yanzu, babu. Kashi biyu cikin ɗari na 300 dala 6 ce, ko 0.01 ɗaya ba ta ɗauka sai da SL na dala shida, wanda zinare ke sharewa cikin mintuna. Idan dillalinka yana da asusun senti, inda 300 ke bayyana a matsayin 30,000 kuma kowane lot ya ragu sau ɗari, can tsarin zai shiga. Ka buɗe Specification na XAUUSD ka karanta Contract size da mafi ƙarancin Volume tukuna, domin ba duka dillalai ke tsara shi iri ɗaya ba. In babu, ka gwada a Demo da ainihin girman asusunka.

Ɗan Kwari: Ni har yanzu ina kan mayar da SL farashin shiga bayan TP na farko. Hajiya ta ce ana yawan fitar da mutum a nan, amma ba ta ce sau nawa cikin goma ba.

Hajiya Rabi: Wannan ya danganta da inda kake shiga da girman kyandir ɗin da kake kallo. Kawo cinikinka talatin na baya, mu ƙirga nawa ne suka taɓa farashin shiga bayan TP na farko sannan suka wuce zuwa na biyu, nawa ne kuma suka zarce har SL na asali.

Ɗan Kwari: Ina da su a History, zan ciro su daren nan in sha Allah. Auwalu kai ma ka kawo naka, mu ga ƙarin nan sau nawa ya tashi a sifili.